Kuɗin Abinci Ba Ya Kai Mu Ƙarshen Wata

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Jos. Mu shida ne a gida: ni da maigida, yara uku masu shekara 10 da 7 da 3, sai ƙanensa da ke karatu a jami'a, wanda ya dawo wurinmu bara. Maigida yana ba ni naira 120,000 duk wata na abinci, gas da gawayi shi yake saya daban. Wallahi ina ƙoƙari, amma kafin 20 ga wata na fara karɓar bashi a shagon unguwa. Shi yana ganin hannuna ne a sake, ni kuma ban san inda kuɗin yake shiga ba. Yara ba sa son tuwo da wake, sai taliya da shayi da biredi. Don Allah ki taimaka min da tsarin abincin mako wanda zai kai mu ƙarshen wata ba tare da ɓacin rai ba.

Wata uwa, daga Jos

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sa albarka a gidanki, ya raya miki yaran. Na san zafin a ce wa mace hannunta a sake alhali ita ce ta ƙarshen cin abinci, wani lokacin ma ƙanzon tukunya ne rabonta. Amma ki ajiye wannan zafin a gefe na ɗan lokaci, don a yanzu ke da maigida duk a kan zato kuke magana. Babu wanda ke riƙe da lissafi a cikinku, kuma lissafin ne zai raba gardamar.

Kada ki fara da rubuta sunayen abinci, wato Litinin kaza, Talata kaza. Mata da yawa daga nan suke farawa, tsarin ya yi kyau a takarda, ya rushe kafin Alhamis, saboda ba a san mudu nawa yake ci ba. Ki fara da awo. Ki samu mudu ɗaya da gwangwanin madara ɗaya ki ajiye su a ɗakin girki, ki yi mako guda kina girki yadda kika saba, sai dai duk abin da zai shiga tukunya ki auna shi ki rubuta a bayan littafin yara. Ki rubuta har abin da ya rage da abin da aka zubar. A ƙarshen makon za ki san cikin tukunyarki, kuma ina kyautata zaton za ki tarar kuɗin ba a tuwon dare yake tafiya ba. A karin kumallo yake tafiya. Biredin da zai ishi mutum shida, da madara da sukari, kullum safiya, da taliyar leda idan yara sun dawo makaranta, su ne ke cinye kuɗi a hankali ba ka ji ba ka gani, kuma kafin sha ɗaya cikin yaro ya sake kuka.

Kafin ki gama naki awon, ga wanda za ki riƙa kwatantawa da shi, na gida mai manya uku da yara uku. Tuwon dare yana cin kusan mudu ɗaya na gari, idan ana son ɗumame a ƙara kaɗan. Gwate yana cin rabin mudu na tsaki, saboda ganye ne ke cika tukunyar. Shinkafa da wake, rabin mudu na shinkafa da kwatan mudu ko ɗan fiye na wake. Shinkafa zalla kuwa sai ta ci kashi uku cikin huɗu na mudu, ga ta ita ce mafi tsada a cikin hatsin, shi ya sa za mu mayar da ita ta ranar Juma'a. Idan awonki ya fi wannan ko bai kai ba, naki za ki bi, don mudun wata kasuwa ya fi na wata, kuma cin saurayi ɗan jami'a ba ɗaya yake da na kowa ba.

To yanzu mu gina makon, kuma daga dare za mu fara, don shi ne ginshiƙi. Dare biyar tuwo, na masara ko na dawa, dare ɗaya gwate, dare ɗaya faten dankali. Na ji kina cewa ai tuwon ne yara ba sa so. Yawanci ba tuwon suke ƙi ba, miyar da ba ta canzawa suke ƙi. Ki jujjuya ta: yau kuka, gobe kuɓewa, jibi taushe da kabewa da ɗan gyaɗa, gata miyar gyaɗa da alayyahu ko zogale, sannan karkashi ko miyar wake. Kin ga dare biyar ke nan babu miyar da ta maimaitu, kuma kusan dukkansu ba sa neman tumatir mai yawa, daddawa da albasa da attarugu sun wadatar. A dare uku daga ciki ki tuƙa da ɗan yawa da gangan, domin safiya uku ɗumame ne. Sanyin Jos yana taimaka miki a nan, tuwo yana kwana lafiya, amma ki tafasa miyar kafin ki kwanta, da safe kuma ki ɗumama har ya yi zafi ciki da waje. Sauran safiyoyin, biyu koko da ƙosai, ɗaya kunun gyaɗa da dafaffen dankalin Hausa, ɗaya kuma shayi da biredi. Ki bar musu wannan ɗin, ki sa shi ranar da kowa yake gida. Yaron da ya san ranar Lahadi akwai shayi ya fi saurin haƙura da ɗumamen Talata a kan wanda aka ce masa an daina kwata-kwata.

Da rana wake zai yi aikinsa. Sau biyu shinkafa da wake da mai da yaji, da yankakken kabeji da albasa a kai. Sau ɗaya ɗanwake, sau ɗaya faten wake da dankalin Hausa ko kabewa, sau ɗaya dambun tsaki da zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, sau ɗaya gwate, ranar Juma'a kuma shinkafa da miya ko dafa-duka, a nan ɗan kifi ko naman mako zai fito. Ki lura wake ya shiga kwanon yaran kusan kullum, amma sau ɗaya kawai suka gan shi a matsayin faten wake. Ban taɓa ganin yaron da ke ƙin wake ya ƙi ƙosai mai zafi ba. Idan faten ne ke kawo rigima, ki mayar da shi alala, waken ɗaya ne.

Idan kika tara wannan, masara da dawa suna tashi kusan mudu bakwai a mako, wato mudu ɗaya a rana, mudu 30 a wata. Shinkafa mudu biyu a mako, ki ce 9 a wata. Wake biyu da rabi a mako, ki ce 11. Gero na koko mudu 5, gyaɗa mudu 2, sai ɗan garin rogo na ɗanwake. Kin ga ban ninka da huɗu kawai ba. Wata ba kwana 28 ba ne, kuma waɗannan kwana biyu ko ukun da ke saman mako huɗu su ne ke tura mutane shagon unguwa. Ki tuna kuma surfe yana rage masara, abin da kika kai inji ba shi zai dawo ba, don dusa ta fita. Idan gidanku na iya cin tuwon da ba a surfa ba, ko a surfa sama-sama, kin ci riba biyu, gari ya fi yawa kuma ya fi riƙe ciki.

Sai kuɗin. Ranar da ya shigo hannunki ki raba shi kafin ki taɓa ko sisi. Mu ɗauka a matsayin misali kin tarar da masara naira 700 mudu, shinkafar gida 2,000, wake 1,500, gero 800, gyaɗa 2,000. Hatsin wata gaba ɗaya ya tashi kusan 64,000, ki ce 65,000 da garin rogo. Ki goge waɗannan farashin ki sa na ranar da kika shiga kasuwa, lissafin bai canza ba. Ki ware 15,000 na manja da man gyaɗa da gishiri da magi da daddawa da kuka da sukari. Saura 40,000. Ki kasa 32,000 gida huɗu, 8,000 kowane mako na cefane, kowanne a ledarsa ko ambulan ɗinsa. Ragowar 8,000 ta niƙa ce, da kwanakin saman wata, da baƙon da ba ya sallama kafin ya zo. Dokar guda ɗaya ce: ba a buɗe ledar mako na uku a mako na biyu. Idan ta wannan makon ta ƙare ranar Alhamis, miyar kuka ce har Asabar, kuma babu wanda zai kwana da yunwa tunda hatsi na ɗaki.

Hatsin ki saye shi sau ɗaya, a inda ake awo da yawa kamar kasuwar Katako, ba gwangwani-gwangwani a shago ba, don a ƙaramin awo ake cin talaka. Idan kina da maƙwabta biyu ko uku da kuka yarda da juna, ku haɗa kuɗi ku sayi buhu ku raba, musamman da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon hatsi ya shigo farashi ya sauka. Wanda yake da ɗan'uwa mai zuwa kasuwar Mangu ranar Juma'a ya san masara ta fi sauƙi a can, amma a lissafa kuɗin mota kafin a yi murna.

Sayen wata guda yana da nasa haɗarin, kuma gara ki san shi tun yanzu. Sabuwar masara da ba ta gama bushewa ba tana yin fumfuna a buhu. Ki ciji ƙwaya ɗaya a gaban mai awo: idan ta fashe ƙas, ta bushe, idan ta lotsa a haƙori, ki bar ta ko ki shanya ta kwana biyu kafin ki ɗaure. Masara ko gyaɗar da ta yi kore-kore ko baƙi-baƙi, ko take warin ruma, kada ki ce wanki zai gyara ta, domin irin wannan fumfunar tana barin guba mai illa ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wake kuma ƙwari ne abokan gabarsa. Ki duba jikin ƙwayar, idan kin ga ɗigo-ɗigo farare manne da ita, ƙwai ne, idan akwai huji ko gari a gindin kwano, sun riga sun shiga. Ki shanya shi a rana sosai, ki zuba a busasshiyar jarka ki cika ta har wuya, ki toshe bakin da leda ki murɗa marfin yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin za su mutu da kansu. Kowace jarka ta zama ta mako ɗaya ko biyu don kada a riƙa buɗewa kullum. Don Allah kada ki zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a abin da yara za su ci. Niƙa kuma kada ki yi na wata gaba ɗaya, musamman da damina, garin yana dunƙulewa ya yi ɗaci. Na mako ɗaya ko biyu ya isa, ki baza shi ya huce kafin ki rufe.

Yanzu naira 8,000 ta cefane, wadda ta kama ɗan sama da dubu ɗaya a rana. A wani gari da na ji tsoro, amma ke a Jos kike, inda ake loda wa wasu jihohi kayan lambu. Sharaɗin shi ne ki bar kasuwa ta zaɓa miki, kada ki fita da miyar da kika ƙudura a rai. Da rani, daga wajen Disamba zuwa Maris, tumatir da tattasai da albasa da kabeji da karas suna araha a kasuwar Faringada. Lokacin ne za ki ci miyar dage-dage ki more, kuma lokacin ne za ki tsame wani abu daga ajiya ki sayi kwando, ki yanka ki shanya a iskar hunturu, ki adana a leda. Za ki gode wa kanki daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da tumatir huɗu ke neman kuɗin mudun masara. A wannan tsakanin kada ki yi kokawa da tumatir. Damina lokacin ganye ne, alayyahu da yakuwa da rama da zogale da ɗanyar kuɓewa da gauta, wato lokacin gwate, sai ki mayar da shi sau uku a mako ki rage tuwo ɗaya. Daga wajen Yuli zuwa Agusta dankalin Turawa na Bokkos da Mangu yana cika kasuwa, sai ya karɓi gurbin shinkafa ɗaya, amma na damina ba ya jure ajiya, ki sayi na mako, ki baza shi a wuri mai duhu da iska, wanda ya yi kore ki fere koren da zurfi ko ki yar. Da kaka kuma kabewa da dankalin Hausa da sabuwar gyaɗa ne. Ki je kasuwa sau ɗaya a mako, ki fara cinye ganye mai saurin yaushi a kwana biyun farko, kabeji da karas da kabewa su jira ƙarshen mako. Daga cikin dubu takwas ɗin, kamar uku su tafi ga busasshen kifi ko ƙashin miya da 'yan ƙwai, biyar ga kayan miya da ganye da biredin Lahadi.

Wata 'yar dabara kan wake, tunda zai yawaita a tukunyarki. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa yana tafasa kafin ya kai zafin da yake kaiwa a gangare, shi ya sa wake ke daɗewa a wuta a nan. Maimakon ki cika masa kanwa, ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan da safe ki dafa da sabo. Zai nuna da wuri, gas ɗin maigida zai ƙara kwana, kumburin ciki ma yana raguwa.

Autanki mai shekara uku shi ne wanda ba na so tsarin nan ya taɓa. Cikinsa ƙarami ne, koko mai ruwa-ruwa zai cika shi ba tare da ya ba shi abin kirki ba. Ki dama nasa da kauri, ki sa cokali ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa, ki ƙara masa ɗan manja a fate, kuma idan ƙwai uku kawai kika iya saya a mako, nasa ne. Ya riƙa samun wani abu tsakanin abinci, ko da dafaffen dankali ne ko ayaba. Idan kika ga yana ramewa ko ya daina kuzari, ki kai shi asibitin unguwa a auna shi, kada ki jira ƙarshen wata.

Sai maganar maigida. Ki yi masa adalci, mutumin da ke cire 120,000 daga abin da yake samu ya miƙa, ga gas ga kuɗin makaranta, idan ya ji an ce ya ƙare ranar 20, tsoro ne ke fara kama shi, tsoron ne kuma ke fitowa a matsayin faɗa. Mai yiwuwa kuma ya daɗe bai tsaya gaban mai awo ba, farashin da ke kansa na bara ne. Kada ki tare shi da maganar a ranar da abinci ya ƙare, ko a gaban ƙanensa. Ki bari kin gama awon mako ɗaya, ya ci ya ƙoshi, sannan ki kawo takardar ki ce, "Baban yara, ga abin da muke ci, ga yadda nake so mu gwada, ka duba min ko akwai gyara." Ki roƙe shi ya raka ki sayen hatsin watan farko, ko ya je da kansa. Ki faɗa masa gaskiyar bashin shago duka, don gara ya ji daga bakinki. Akwai kuma tambayar da ya kamata ku yi tare: an ƙara kuɗin nan da ƙanensa ya dawo, ko yana nan yadda yake tun kuna biyar? Idan ba a ƙara ba, to an ƙara babban mutum guda a tukunya, kuma wannan ba sakin hannu ba ne.

Shi ƙanin ba shi da laifi, ɗan gida ne, kada ya ga canji a fuskarki ko a kwanonsa. Amma ɗan gida yana aiki. Shi zai ɗauko buhu, shi zai kai niƙa, kuma ki ce masa cikin raha, "Ƙanina, ranar da za ka kwana a makaranta ka yi min waya kafin la'asar," don kada a riƙa tuƙa rabonsa yana kwana a kwano. Idan iyayensu suna noma a gida, yayansa ne zai yi maganar ko za a riƙa aiko da ɗan hatsi da kaka, ba ke ba.

Idan kuɗin ba ya zuwa a dunƙule, wato yana ba ki kashi biyu ko albashi yana makara, kashin farko ya tafi ga masara da wake da mai, shinkafa ta jira na biyu. Bashin shago kuma kada ki biya shi duka daga kuɗin wata ɗaya, zai sake jefa ki ramin. Ki yi magana da mai shagon ku raba shi wata biyu ko uku, a waɗannan watannin ki rage shinkafa daga mudu 9 zuwa 6, dambu da gwate su cike gurbin, kuɗin mudu ukun ya tafi ga bashin.

Ranar 15 ga wata ki shiga ɗaki ki auna abin da ya rage. Idan masara ta kai mudu 15, wake biyar ko shida, ledoji biyu na cefane kuma ba a buɗe su ba, kina kan hanya. Idan masarar ta gaza da mudu biyu ko uku, ki duba ko tuwo na kwana ana zubarwa, ko kuma awon tukunyarki ya fi wanda muka ɗauka, sai ki gyara lissafin wata mai zuwa. Idan kuwa kin bi komai wata biyu a jere, babu zubarwa, babu taliyar leda, kuma duk da haka hatsi na ƙarewa kafin 25, to kuɗin ne bai kai ba. Ki kai wa maigida takardun wata biyun, ku zauna ku ga nawa ne giɓin, da inda za a samo shi.